Yadda Ake Zaɓen Wasan Haɗin Kai Don Hirar Dare Idan Manya Da Yara Sun Haɗu

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa lido a tsakar gida ranar da dangi suka taru ya san inda ake ƙarewa. Babban yaro ya cinye 'ya'yan ƙaramin, ƙaramin ya fashe da kuka, uwarsa ta ce a tattara kayan, kaka kuma tun farko tana gefe tana kallo domin babu wanda ya yi tunanin sa ta a ciki. Lido da dara da Whot duk wasanni ne na wani ya ci wani, kuma idan ƙarfi bai zo ɗaya ba, tun kafin a fara an san mai ci.

Wasan haɗin kai ya bambanta da su a abu guda: duk waɗanda ke zaune ɓangare ɗaya suke, wasan da kansa ne abokin karawarsu. In an ci, kowa ya ci. In an faɗi, an faɗi tare. Na shekara da shekaru ina shirya irin wannan zama a gidanmu, musamman daren biyu ga Sallah da lokacin hutun makaranta, kuma abin da na gane shi ne, kyan wasa a karan kansa ba ya wadatarwa. Mutum biyu ne ke yanke maka wanda za ka ɗauko: wanda ya fi kowa rauni a wurin, da wanda ya fi kowa ƙwarewa. Na farkon kana so ya samu abin yi da hannunsa. Na biyun kana so wasan ya hana shi yi wa kowa tunani.

Kayan da za ka tanada

Takarda da biro don rubuta sunayen masu zuwa. Farin kwali mai kauri kamar falle huɗu, irin wanda 'yan makaranta ke zane a kai, da almakashi, da alƙalami mai kaurin baki, da robar ɗaure kuɗi. Ɗan lido guda ɗaya, ko marafan kwalba shida da 'yar jakar da ba a ganin cikinta. Ƙananan faranti huɗu da abin zubawa a ciki: dabino, gyaɗa, aya, alewa. Tabarma ko darduma mai faɗi, da babban tire da za a riƙa ajiye kati a kai don kada su bi ƙarƙashin ƙafafu. Sai fitila mai caji wadda ka cika tun da rana, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar zagaye ta sha watsa mana zama.

Yawancin wasannin da zan ambata an ƙirƙire su ne a Turai da Amurka, a kwali ake sayar da su, kuma ba kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba. Idan kana da mai kawo maka, madalla. Idan babu, huɗu daga cikinsu ana iya yanka su da hannu don amfanin gida, kuma wasu ma na hannun ya fi dacewa da mu.

1. Rubuta masu zuwa, ka auna kowa

Kada ka fara da tambayar wane wasa ne ya fi daɗi. Fara da sunaye. A gaban kowane suna ka amsa abu uku.

Na farko, me yake iya karantawa? A nan mutane ke yin kuskure, domin shekarun da ake bugawa a jikin kwali, kamar 8+ ko 10+, sun ɗauka cewa yaron yana karanta harshen da aka rubuta katin da shi. Yaro ɗan shekara tara da Turancinsa bai nuna ba zai tsaya cik a wasan da aka ce na 'yan takwas ne. Haka kuma dattijuwar da ke karanta ajami sarai amma ba ta yi boko ba. Sai dai ka lura, da yawa daga cikin waɗanda ba sa karanta boko sun san lambobi tsaf, saboda kuɗi da lambar waya. Don haka ka raba tambayar gida biyu: yana karanta kalma, ko lamba kawai yake ganewa, ko ko ɗaya babu?

Na biyu, minti nawa zai iya zama wuri ɗaya? A abin da na gani, ɗan shekara huɗu ko biyar minti goma ne, in ya yi yawa sha biyar. Ɗan takwas zuwa goma yakan kai rabin awa idan layi na zagayowa kansa da sauri. Tsofaffi kuma ba haƙuri ke gaza musu ba, gwiwa ce da baya, don haka ka tanadi kujera ko matashi.

Na uku, wa yake jin nauyi a wurin? Wannan ba za ka same shi a takardar dokokin kowane wasa ba, amma a gidan Bahaushe shi ne ke kashe zama ko ya raya shi. Matar ɗa ba za ta ce wa surukarta ta yi kuskure ba. Yaro ba zai musa wa kawunsa ba ko da ya hango abin da kawun bai gani ba. Wasan da ke buƙatar muhawara a fili, idan akwai surukai a tabarma, rabin mutanen shiru za su yi. Sa alama a gaban duk wanda kunya za ta ɗaure wa baki.

Akwai kuma abin da ya kamata ka tambaya tun kafin ranar. Wasu gidajen ba sa son ganin karta ko ɗan lido sam, saboda kamarsu da caca da kuma abin da malamai suka faɗa a kan wasa da ɗan lido. Kada ka tsaya jayayya da mai gida a kan wannan. Ka tambaye shi ko ya yarda da katin kwali mai lamba da marafan kwalba a jaka, in ya amince ka yi da su, in bai amince ba ka tsaya ga wasan kalmomi.

2. Ƙirga kawuna da lokacin da kake da shi

Mafi yawan wasannin haɗin kai na mutum biyu zuwa huɗu ne, ko biyar. Mu kuwa taronmu yakan kai tara, goma, har fiye. Idan ka cusa mutum takwas a wasan mutum huɗu, kowa zai jira mutum bakwai kafin layi ya zo kansa, kuma yaran za su tashi tun zagaye na biyu.

Hanya biyu ce. Ko dai ka haɗa mutum biyu su zama hannu ɗaya, ko ka shimfiɗa tabarma biyu. Wajen haɗawa, ƙa'idata ita ce ƙaramin ne ke riƙe kati kuma shi ke ajiyewa, babban sai dai ya raɗa masa. In ka bar katin a hannun babba, ƙaramin ya zama ɗan kallo. Tabarma biyu kuma tana bukatar mutum biyu da suka san dokoki, don haka ka koya wa wani tun da rana.

Game da lokaci, tsakanin Magariba da Isha ba ya isa komai sai ɗan gajeren wasa na minti goma. Zaman gaske bayan Isha ne da cin abinci. Lissafa daga nan zuwa lokacin da ƙananan ke barci, sannan duk mintin da aka rubuta a jikin kwali ka ninka shi biyu idan yau ne farkon bugawa.

3. Gano mai yi wa kowa tunani

Wannan ita ce babbar cutar wasan haɗin kai, kuma a nan zan daɗe. Tunda kowa ɓangare ɗaya yake, wanda ya fi saurin lissafi sai ya fara ba da shawara. Daga shawara sai umarni. Kafin ka ankara shi kaɗai ke wasan, sauran sun zama hannuwansa. Ba mugunta ke sa shi ba, so yake a ci. Amma yaron da aka ce masa "ajiye wannan, matsa can" sau biyar a jere ba zai nemi a sake ba gobe.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a daren da na fara kawo Pandemic gida. Wasa ne da Matt Leacock ya ƙirƙira, ya fito a 2008, mutum biyu zuwa huɗu ke haɗuwa su yaƙi cututtuka huɗu a taswirar duniya mai birane 48, har da Legas da Khartoum a ciki. Wasa ne mai kyau ƙwarai. Amma kawunmu gwanin dara ne, kuma cikin minti goma ya gane lissafin. Ɗan yayata, mai shekara tara a lokacin, ya miƙa hannu zai matsa ɗansa, sai Kawu ya ce, "A'a, bari, Alkahira za ka je, ka ba yayarka katin nan." Yaron ya ce, "To, Kawu," ya yi yadda aka ce. An ci wasan, amma da na duba, yaron yana can yana jera 'yan ƙwayoyin cutar a gefen tabarma yana gina gida da su.

Abin da ke jawo haka shi ne komai a buɗe yake. Idan kowa na ganin duk abin da ke kan tire, to amsa mafi kyau guda ɗaya ce, kuma mai kaifin lissafi zai riga kowa ganinta. Maganin shi ne ka zaɓi wasan da dokarsa ta ɓoye wa kowa wani abu, ko ta hana magana. Gwani ba zai umarce ka da abin da bai gani ba.

Saboda haka ka duba takardarka. Idan akwai irin Kawu a ciki, kuma akwai masu jin nauyinsa, ka ajiye wasannin taswira irin Pandemic da Forbidden Island, wasan tsibirin da ruwa ke cinyewa, zuwa daren da sa'o'in juna suka haɗu. Idan kuma irin waɗannan wasannin kaɗai gare ka, ka kafa sharaɗi tun farko cewa mai layi ne ke fara faɗin abin da yake son yi, ba a ba shi shawara sai ya nema, kuma maganarsa ce ta ƙarshe ko da za ta jawo faɗuwa. A Pandemic, riƙe kati a hannu maimakon shimfiɗa su a ƙasa yana rage matsalar sosai.

4. Daidaita wasa da mutanen

Idan akwai ɗan shekara uku zuwa shida, ka fara da wasan da babu karatu a cikinsa ko kaɗan. Wanda nake yi na samo shi ne daga Obstgarten, wasan yara da kamfanin Haba na Jamus ya fitar a 1986, inda ake tsinke 'ya'yan itace kafin hankaka ya iso. A gidanmu akuya ce ke zuwa. Ka jera faranti huɗu, ka zuba abu huɗu-huɗu a kowanne: dabino, gyaɗa, aya, alewa. Ka ja layi shida a takarda daga bakin tabarma zuwa farantan, ka sa wani abu ya zama akuya a bayan layin farko. Lamba 1 zuwa 4 a ɗan lido kowacce farantinta, wanda ya jefa sai ya ɗauki ɗaya daga nan ya sa a kwanon kowa da kowa. In 5 ta fito, ya ɗauka daga farantin da ya ga dama. In 6 ce, akuya ta matso taki ɗaya. In lambar farantin da ya riga ya ƙare ta fito, layi ya wuce a banza. An kwashe duka kafin akuya ta iso, an ci. Idan babu ɗan lido, rubuta 1 zuwa 6 a cikin marafan kwalba, a riƙa zarowa daga jaka ana mayarwa.

Shawara ɗaya tak ke cikin wasan nan, ita ce ta lamba 5, kuma amsar ita ce a ɗauka daga farantin da ya fi cika, domin kada wani ya ƙare da wuri jifa ta riƙa tafiya a banza. Kada ka gaya wa yaron. Bar shi ya gano, yakan ɗauke shi wasa uku ko huɗu. Idan kuma akwai mai rarrafe a kusa, ka cire gyaɗa da aya ka sa manyan abubuwa kamar lemo a madadinsu, saboda shaƙewa.

Idan taron na da yawa kuma akasari suna rubutu, babu kamar Just One, wanda ya ci kyautar Spiel des Jahres ta Jamus, wato ta gwarzon wasan shekara, a 2019. Mutum uku zuwa bakwai ke yin sa. Mu "kalma ɗaya" muke ce masa, kuma na hannu ya fi na kwali, domin kalmomin kwalin na rayuwar wasu ne. Ka yanka ƙananan takardu, ka rubuta kalma ɗaya a kowacce daga abin da kowa a gidan ya sani: kilishi, rijiya, lalle, kunu, jirgi. A ɗebo 13. Mai layi ya rufe ido, a nuna wa sauran kalmar, kowa ya rubuta kalma ɗaya tak da za ta taimaka masa, ba tare da ya leƙa ta wani ba. Sai masu rubutun su gwada wa juna. Duk kalmar da ta zo iri ɗaya a hannun mutum biyu, an soke ta gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ake nuna wa mai layi, kuma sau ɗaya zai canka. In ya dace, maki ɗaya. In ya ce ya haƙura, an rasa wannan kalmar kawai. In ya canka ba daidai ba, an rasa ta da wata a kai. Ba a yarda da fassara kalmar zuwa Turanci ko Larabci ba, ba a kuma yarda da 'yar uwarta ta jini ba, kamar a rubuta "manomi" alhali kalmar "noma" ce.

Wanda ba ya rubutu sai ya raɗa wa jikansa ya rubuta masa. In layin canka ya zo kansa, a karanta masa da baki.

Idan akwai kunya a tsakani, ko waɗanda lamba kawai suka sani, ka ɗauko The Mind na Wolfgang Warsch, wanda ya fito a 2018. Kati ɗari ne, daga 1 zuwa 100. A mataki na farko kowa kati ɗaya, na biyu biyu, haka ake hawa. Aikin shi ne a ajiye duk katunan a tire daga ƙarami zuwa babba, babu layi, babu magana, babu nuni. Wanda ya ji a ransa nasa ne ƙarami sai ya ajiye. In wani ya ajiye alhali akwai ƙaramin kati a hannun wani, an rasa rai ɗaya, a fitar da ƙananan a ci gaba. Ana farawa da rai daidai da yawan mutane. Mutum huɗu mataki 8 suke nema, uku 10, biyu 12.

Wajen yanka shi da hannu ka kula da abu biyu. Bayan katunan ya zama iri ɗaya, kuma tawadar kada ta huda kwalin. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, domin 16 da 91, da 68 da 89, da 6 da 9, duk suna juyewa a hannun yaro. Wasu kan rage katunan zuwa 50 don sauƙaƙa wa ƙanana. Yana taimaka wa wanda bai iya ƙirga ɗari ba, amma lambobin sun matsu da juna, kuskure zai yawaita, don haka in ka yi haka ka tsaya a mataki na huɗu.

Hanabi na Antoine Bauza, wanda ya ci kyautar Spiel des Jahres a 2013, na waɗanda suka rage ne bayan yara sun kwanta. Mutum biyu zuwa biyar, kati 50, kala biyar, kowace kala tana da 1 guda uku, da 2 da 3 da 4 bibbiyu, da 5 guda ɗaya. Kana riƙe katinka fuskarsu na kallon jama'a, kowa na ganin naka ban da kai, kuma damar ba da haske, wato gaya wa wani kala ko lambar katinsa don a jera kowace kala daga 1 zuwa 5, guda 8 ce, ba ta dawowa sai an yar da kati ko an kammala wata kala. Kuskure uku, wasa ya ƙare. Yana bukatar riƙe abu a ka, don haka ba na sa wanda bai kai shekara goma ba. In za ka yanka shi, ka yi siffofi maimakon kala: tauraro, da'ira, wata, da sauransu. A hasken fitilar caji kore da shuɗi kan zama abu ɗaya, ga kuma masu wahalar bambance ja da kore waɗanda ba lallai su faɗa maka ba.

5. Buga shi kai kaɗai, ka saita wuyarsa

Kafin ranar, ka zauna ka raba wa mutum uku na ƙarya, ka buga zagaye biyu. A nan za ka gano dokar da ba ka fahimta ba. Karanta takardar doka a gaban mutum tara kuskure ne da ba ya gyaruwa a daren. Bayaninka kada ya wuce minti biyu: me muke nema, me ke kayar da mu, me mutum ke yi in layinsa ya zo. Sauran a koya a cikin zagayen gwaji da kati a buɗe.

Kusan kowane wasan haɗin kai yana da wurin ƙara wuya ko rage ta. A Pandemic yawan katin annoba ne, 4 ko 5 ko 6. A Forbidden Island matakin da ruwa ya fara ne, daga Novice, na sabon shiga, zuwa sama. A na akuya yawan layuka ne, shida ko biyar. A The Mind kana iya ƙara rai. Daren farko ka fara daga mafi sauƙi. Amma kada ka murɗe doka a ɓoye don a ci, yara na ganewa, kuma daga ranar nasarar ba ta da ɗanɗano. Abin da nake nema shi ne a faɗi sau ɗaya da kyar, a ce a sake, a ci a na biyu ko na uku. In an ci sau uku a jere babu wanda gabansa ya faɗi, ka ƙara wuya.

6. Jera daren daga ƙarami zuwa babba

Ga yadda na tsara wani dare da muke mu tara: Hajiya mahaifiyarmu, Kawu, ni da maiɗakina, ƙanena, ƙanwata, budurwa 'yar sha biyar, yaro ɗan tara, da auta 'yar biyar. A takardata na sa alama uku: Hajiya lamba kawai, auta babu karatu, maiɗakina na jin nauyin Hajiya da Kawu. Wannan ya fitar da duk wasan muhawara.

Takwas da kwata muka fara da akuya, auta da ɗan tara da Hajiya da ƙanwata, sauran na kewaye suna ihu duk sanda 6 ta fito. Akuya ta ci na farko saura dabino biyu, muka ci na biyu, aka raba abin da ke kwano.

Tara saura kwata muka koma kalma ɗaya. Mutum tara sun yi yawa, sai na haɗa auta da mahaifiyarta, Hajiya da ɗan tara, muka zama hannu bakwai. Da layi ya zo kan ƙanena, kalmar kilishi ce. Ni na rubuta nama, ƙanwata ma nama, duka aka soke. Kawu da 'yar sha biyar suka haɗu a kan yaji, shi ma ya tafi. Saura biyu: maiɗakina ta rubuta tsaraba, Hajiya kuma ta raɗa wa jikanta shanya. Ƙanena ya yi shiru, ya maimaita su a bakinsa, tsarabar da ake shanyawa, sannan ya ce kilishi. Hajiya ta dubi Kawu ta ce, "Kai da wayonka, ga shi tawa ce ta tsira." Abin da ya sa nake son wasan nan ke nan. Masu saurin tunani sukan faɗa kan kalma ɗaya su soke juna, wanda tunaninsa ya bi wata hanya daban shi ke ceton zagayen.

Tara da rabi auta ta yi barci, aka ɗauke ta. Muka raba biyu, huɗu suka ci gaba da kalmomi, ni da Hajiya da Kawu da ɗan tara muka ɗauki katin lamba. A mataki na biyu Hajiya na da 7 da 64, Kawu 23 da 88, yaron 31 da 35, ni 59 da 97. Hajiya ta ajiye 7 nan take. Aka ɗan jima Kawu ya sa 23. Yaron ya sa 31, ya bi da 35 ba tare da jira ba, wanda shi ne daidai tunda tazarar kaɗan ce. Sai shiru. Ina riƙe da 59 ina jiran ko akwai arba'in da wani abu, Hajiya ta gaji da jira ta ajiye 64. Rai ɗaya ya tafi. Babu wanda ya yi laifi a nan, saurinmu ne bai daidaita ba tukuna, kuma zuwa mataki na huɗu kowa ya fara sanin tsawon shirun kowa. Kawu bai iya cewa uffan ba duk tsawon wasan, kuma shi ya fara cewa a sake.

7. Karanta tabarma, ka san lokacin canzawa

Ko ka yi zaɓi mai kyau, wani daren ba ya karɓa. Alamun a bayyane suke. Wani ya ciro waya alhali ba a gama zagaye ba: jiran layi ya yi tsawo, ka raba tabarma. Yaro na tambayar "me zan yi?" a karo na uku: dokar ta fi ƙarfinsa, ka haɗa shi da wani ko ka sauko zuwa wasa mai sauƙi. Murya ɗaya kawai kake ji: koma wasan shiru. In kuma aka faɗi sai ido ya koma kan mutum ɗaya, ka tare maganar nan take, ka ambaci abin da ya faru a wasan ba wanda ya yi ba, "katunan sun matsu" maimakon "Hajiya ta yi sauri". Yaron da aka ɗora wa faɗuwar mutum shida ya fi wanda aka cinye a lido jin ciwo.

Kada ka ji nauyin tsayar da wasa a tsakiya. Ka ce a ƙarasa wannan zagayen a sha shayi, sannan ka fito da na biyun da ka tanada. Shi ya sa ba na zuwa da ƙasa da uku: ɗaya marar karatu, ɗaya na kalmomi, ɗaya na shiru. Kafin a watse ka ƙirga katunan, ka ɗaure kowane da robarsa, ka ware kalmomin da aka riga aka yi don kada su dawo a zama na gaba, sannan ka ba kowa takarda uku ya rubuta sababbi ya ninke ba tare da ya nuna wa kowa ba.